Gayyatar Taro ta Imel: Yadda Agogo da Lokacin Aikatau Ke Rikita Ta, da Yadda Ake Gyarawa

Imel na gayyatar taro aiki ɗaya gare shi, wato ya sa mutanen da ke wurare daban-daban su zauna gaban na'urorinsu a lokaci guda. Idan mahalarta duk a Kano suke, ko wasu a Kano wasu a Maraɗi, abin ba shi da wuya, domin agogonsu ɗaya ne kuma wanda ya rikice zai ɗaga waya ya tambaya. Wahalar tana farawa ne idan taron ya haɗa ƙasashen da agogonsu ya bambanta, aka kuma rubuta gayyatar da Turanci, kamar yadda ake yi a yawancin ofisoshin Najeriya da ke hulɗa da waje. A nan abu biyu ne suka fi ɓata saƙo: yadda aka faɗi sa'a da kwanan wata, da kuma lokacin da aka sa aikatau a cikinsa. Kowane ɗaya shi kaɗai yana iya sa mutum ya makara. Idan suka haɗu, suna iya sa shi ya ɗauka an riga an yi taron an watse.

Misalin da za a bi a nan an shirya shi ne don bayani, amma kwanakin da ke cikinsa na kalandar 2025 ne kamar yadda suke. A ɗauka wani ma'aikaci ne a wata ƙungiya a Kano yake shirya taron duba kasafin kuɗi ta intanet, da abokan aiki a Accra da Landan da New York. Da an sa taron ranar Talata 1 ga Afrilu, sai ranar ta faɗa cikin hutun ƙaramar Sallah, aka ɗage shi zuwa Alhamis 3 ga Afrilu da ƙarfe uku na rana agogon Kano. Ranar Juma'a 28 ga Maris ya aika wannan saƙo:

```
Subject: Meeting

Dear all,
The meeting was held on 03/04/2025 by 3 GMT (9 EST).
We have moved it yesterday because Tuesday was a holiday.
I sent the link on Wednesday.
Please confirm if you attended.
```

Shi a ransa komai a fili yake. Ya faɗi rana, ya faɗi sa'a, har ya yi wa na Amurka alheri ya lissafa musu nasu agogon. Amma babu jimla ko ɗaya a cikin huɗun nan da ta faɗi abin da yake nufi.

Kafin a shiga lissafi, ya kamata a san ma'aunin da ake komawa gare shi. Tun taron ƙasashe da aka yi a Washington a 1884 aka amince cewa layin da ya ratsa Greenwich a Landan shi ne mafarin auna gabas da yamma, kuma daga nan sunan GMT ya samo asali. A yau ma'aunin da duniya ke aiki da shi shi ne UTC, wanda ga mai shirya taro bai da bambanci da GMT. Kowace ƙasa ana faɗin agogonta da adadin sa'o'in da ta wuce wannan ma'auni ko ta gaza shi. Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi suna gaba da sa'a ɗaya, shi ne ake rubutawa UTC+1 ko WAT. Ghana tana kan ma'aunin daidai, ba ƙari ba ragi, duk shekara. Masu sauraron sashen Hausa na gidajen rediyon waje sun saba da wannan, domin akan faɗi lokacin shiri da agogon GMT, a kuma faɗe shi da agogon Najeriya da Nijar, kuma kullum tsakaninsu sa'a ɗaya ce.

Kuskuren farko ke nan. Mai saƙon ya rubuta uku na agogon bangon ofishinsa, ya liƙa mata GMT. Irin wannan yakan faru ne saboda wayoyi da kwamfutoci da yawa suna nuna agogon Najeriya a matsayin `GMT+1`, sai mutum ya riƙe haruffan ya yar da ɗayan, kamar ado ne. Alhali ɗayan nan ita ce duka bayanin. Ƙarfe uku na rana a Kano ƙarfe biyu ne na GMT. Abokiyar aikin da ke Accra, wadda agogonta GMT ne na gaskiya, za ta karanta saƙon yadda aka rubuta shi, ta shiga da ƙarfe uku nata, wanda ya zama ƙarfe huɗu a Kano. Idan taron na sa'a ɗaya ne, za ta iso ana sallama, mutanen Kano suna shirin tashi La'asar. Kuma ba ta yi laifin komai ba.

Na Landan lamarinsa ya fi sarƙaƙiya, domin Birtaniya ba ta zama kan GMT duk shekara. Daga Lahadin ƙarshe ta watan Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta watan Oktoba, ana tura agogo gaba da sa'a ɗaya, a kira shi BST, wato UTC+1. A waɗannan watanni bakwai agogon Landan da na Kano ɗaya ne. A 2025 Lahadin ƙarshe ta Maris ita ce 30 ga wata, wato sauyin ya faɗo tsakanin ranar da aka aika saƙon da ranar taron. Ranar da ya karanta imel ɗin yana bayan Kano da sa'a ɗaya, ranar taron kuma sun yi daidai. Idan yana cikin masu ɗaukar GMT a matsayin agogon Landan kawai, zai shiga da uku na agogonsa, ya dace da taron bisa sa'a. Idan kuwa mai bin ƙa'ida ne, zai ce uku na GMT huɗu ne na BST, ya makara tare da ta Accra. Abin mamaki a nan shi ne wanda ya fi sanin ƙa'ida shi zai rasa taron.

Sai ta New York, wadda aka rubuta mata `9 EST`. Mai saƙon ya samo wannan ne daga tarukan watan Fabrairu, lokacin da tazarar Kano da New York sa'a shida ce: Kano tana gaba da ma'auni da ɗaya, New York tana baya da biyar. Amma Amurka ma tana tura agogo, kuma ranarta daban da ta Birtaniya. Tun 2007 tana farawa ne a Lahadi ta biyu ta watan Maris, ta koma a Lahadin farko ta watan Nuwamba. A 2025 sauyin ya zo ranar 9 ga Maris. Daga ranar New York tana kan EDT, baya da sa'a huɗu kawai, tazararta da Kano ta koma biyar. Ƙarfe uku a Kano ranar 3 ga Afrilu ƙarfe goma ne na safe a agogon da ke hannunta. A lissafin takarda, tara na EST daidai yake da uku na Kano, sai dai babu wani agogo a New York da ke nuna EST a watan Afrilu. Amurkawa da yawa suna rubuta EST a kowane wata suna nufin agogon gabashin ƙasarsu, don haka ita za ta ɗauka tara na agogonta ne, ta shiga sa'a guda kafin kowa, ta zauna ita kaɗai har ta gaji ta fita.

Akwai hanyar gane irin wannan kuskure tun daga cikin saƙon, ba sai an san abin da mai rubutu yake nufi ba. Duk lokacin da aka ba da sa'a biyu da agogo biyu, a mayar da kowace zuwa UTC a gani ko sun haɗu. Uku na rana na GMT shi ne 15:00 na UTC. Tara na safe na EST, idan aka ƙara masa biyar, ya zama 14:00. Ba su haɗu ba. Tsakanin GMT da EST sa'a biyar ce a kowane lokaci, saƙon kuwa ya nuna shida. Wanda ya yi wannan ɗan lissafi ya san ɗaya daga cikin biyun kuskure ne, kuma abin da ya dace da shi ya tambaya tun ranar Juma'ar, kada ya zaɓi wanda ya fi masa daɗi.

Su kansu haruffan taƙaita sunan agogo ba abin dogaro ba ne, ko da an rubuta su daidai. CST na iya zama agogon tsakiyar Amurka, na iya zama na Sin, kuma tsakaninsu sa'a goma sha huɗu ce. IST ana amfani da shi ga Indiya da Isra'ila da Ireland. BST ma da ake kiran agogon bazarar Birtaniya, haka ake taƙaita na Bangladesh. Sannan ƙasa tana iya sauya agogonta baki ɗaya: Sudan ta koma UTC+2 daga UTC+3 ranar 1 ga Nuwamba 2017, don haka wanda ya haddace tazarar Kano da Khartoum kafin wannan shekara yana ɗauke da tsohon labari. Abin da ba ya rikita mutum shi ne sunan gari tare da sa'ar da agogon garin zai nuna a ranar taron. Mutumin New York ba ya buƙatar sanin ko EST yake ko EDT. Yana buƙatar a ce masa ƙarfe goma a garinsa.

Wani ƙaramin abu kuma: saƙon bai ce uku na rana ko na dare ba. A nan hankali zai raba gardama, domin ba a taron kasafi da uku na dare. Amma idan taro ya haɗa da wanda ke Tokyo ko California, bakwai na safe da bakwai na yamma duk suna iya yiwuwa. Rubutu da tsarin sa'a ashirin da huɗu, wato 15:00, yana kashe wannan shakku, ya kuma kauce wa rikicin `12 am` da `12 pm` wanda ko masu harshen sukan yi tuntuɓe a kansa.

Kwanan watan shi ne gadar da ta haɗa matsalar agogo da ta nahawu. A Najeriya da Ghana da Birtaniya ana fara rubuta rana sannan wata, don haka `03/04/2025` 3 ga Afrilu ne. A Amurka wata ake farawa da shi, don haka ga ta New York wannan 4 ga Maris ne, ranar da ta wuce da fiye da mako uku. Da a ce jimlar tana cikin lokaci mai zuwa, da ta lura cewa ba a gayyatar mutum taron da ranarsa ta shige, ta sake duba lambobin. To amma jimlar ta ce `was held`, wato an yi taron. Ta ƙarshe kuma ta ce ta tabbatar ko ta halarta. Komai ya jitu a idonta: wannan saƙo ne na tattara sunayen waɗanda suka zo wani taro da aka yi ranar 4 ga Maris, wanda ita ba ta ma ji labarinsa ba. Amsar da za ta bayar ita ce ba ta halarta ba, tana ba da haƙuri. Shi kuma na Kano zai karanta ya ɗauka ta ce ba za ta samu zuwa ba. Kowa ya amsa cikin ladabi, kuma babu wanda ya fahimci ɗan'uwansa.

Maganin wannan ba shi da tsada. A rubuta sunan wata da haruffa, a kuma sa sunan ranar mako. Sunan ranar yana aiki kamar shaida na biyu, domin 3 ga Afrilu 2025 Alhamis ce, 4 ga Maris kuwa Talata ce, kuma duk wanda ya ga ranar da kwanan ba su dace ba ya san akwai abin tambaya. Inda ya zama dole a yi amfani da lambobi zalla, kamar a sunan fayil ko a jadawali, akwai tsarin ISO 8601 da ke farawa da shekara, sai wata, sai rana: `2025-04-03`. Shi ba a karanta shi ta fuska biyu.

Batun lokacin aikatau yana buƙatar a ɗan tsaya, domin kurakuran mai jin Hausa a Turanci ba haka kawai suke zuwa ba, suna da tushe. A Hausa aikatau ba ya sauya siffa saboda lokaci. Abin da ke sauyawa shi ne ɗan lamirin da ke gabansa: an yi, ana yi, za a yi, akan yi. Kalmar "yi" tana nan yadda take. A Turanci nauyin yana kan aikatau ɗin da mataimakansa, kuma wani lokaci harafi biyu a ƙarshen kalma su ne ke raba abin da ya wuce da abin da ake jira.

Jimlar farko, `was held`, shuɗaɗɗen lokaci ce tsantsa. Sau da yawa irin wannan ba rashin sani ke kawo shi ba, kwafe ne: mutum ya buɗe rahoton taron baya, ya ɗauko layin farko, ya canza kwanan wata ya bar aikatau yadda yake. Gyaran shi ne `will be held`. Haka nan ana iya cewa `is scheduled for`, ko a ce `is on Thursday`, domin Turanci yana yarda a faɗi abin da aka riga aka tsayar a jadawali da lokacin yanzu. A Turancin Najeriya an saba da `the meeting will hold`, kuma a cikin gida kowa ya gane. Baƙo zai iya fahimta, amma zai ji jimlar kamar ba ta ƙare ba, domin a wurinsa ana riƙe wani abu ne, taro ba ya riƙe kansa. A cikin jimlar akwai kuma `by 3`. A Najeriya ana yawan faɗin haka da nufin da ƙarfe uku. A Landan da New York ma'anarsa kada a wuce ƙarfe uku, wato wa'adi ne, ba lokacin farawa ba. Kalmar da ake so ita ce `at`, ko kuma a faɗi farko da ƙarshe.

Jimla ta biyu tana da kuskure biyu masu nauyi daban-daban. Na farko shi ne `have moved it yesterday`. Bahaushe yana cewa "mun ɗage shi" kuma yana cewa "mun ɗage shi jiya", lamirin ɗaya ne a duka biyun. Turanci ya raba su gida biyu. Idan ana ba da labarin abin da aka yi wanda sakamakonsa ke nan har yanzu, ba tare da an faɗi yaushe ba, sai a ce `we have moved it`. Da zarar an ambaci lokacin da ya riga ya rufe, kamar jiya ko makon jiya ko ranar Litinin, sai a koma `we moved it yesterday`. Ba a haɗa `have` da `yesterday`. Wannan kuskure ne da kunnen mai harshen zai ji nan take, amma gaskiya ba ya hana kowa zuwa taro. Na biyun ya fi shi illa. `Tuesday was a holiday` yana nuna Talatar da ta wuce, wato 25 ga Maris ga mai karatu ranar Juma'a, alhali Talatar da ake nufi tana gaba. Sai a ce `will be`, a kuma sa kwanan watan, a faɗi ƙasar da ake hutun, tunda na Landan da ta New York suna bakin aiki a ranar.

Jimla ta uku ita ce mai cinye lokacin mutane. `I sent the link on Wednesday` na nufin an riga an aika adireshin shiga taron ranar Laraba. Duk wanda ya karanta zai koma akwatin saƙonsa ya duba 26 ga Maris, ya duba cikin saƙonnin da na'ura ta ware a matsayin shara, bai ga komai ba, sai ya rubuto yana neman a sake turo masa abin da ba a taɓa turowa ba. Tsakanin `sent` da `send` harafi ɗaya ne, kuma a bakin mutane da yawa furucinsu ya yi kusa har ba a rarrabewa, shi ya sa kuskuren yake yawan shiga rubutu. Manhajar duba rubutu ba lallai ta ja masa jan layi ba, domin jimlar ba ta karya wata ƙa'ida, ƙarya kawai ta faɗa. Abin da ake nufi shi ne `I will send`.

Jimla ta huɗu tana da alaƙa da wata ɗabi'a ta Hausa. Bayan "idan", Hausa tana amfani da siffar shuɗaɗɗen lokaci ko da abin bai faru ba tukuna: "idan ka zo gobe", "idan an tashi taro". Wanda harshensa ya saba da wannan yana iya jin `if you attended` ta zauna daidai. A Turanci kuwa tambaya ce kan abin da ya wuce. Gyaran shi ne `whether you will attend`. An fi son `whether` a nan saboda wani dalili na aiki: `confirm if you will attend` ana iya ɗaukarsa da ma'anar mai zuwa kaɗai ne zai amsa, wanda ba zai zo ba ya yi shiru. Mai shirya taro kuwa yana son jin duka biyun. Ya kamata kuma a sa ranar da ake son amsa, kuma a nan ne `by` take da gurbinta na gaskiya.

Idan aka haɗa gyare-gyaren, saƙon zai zama haka:

```
Subject: New date: budget meeting, Thursday 3 April 2025

Dear all,
The meeting will be held on Thursday, 3 April 2025,
from 15:00 to 16:00 Kano time (UTC+1).
Start time: Accra 14:00, London 15:00, New York 10:00.
We moved it yesterday because Tuesday, 1 April,
will be a public holiday in Nigeria.
I will send the link on Wednesday, 2 April.
Please confirm by 2 April whether you will attend.
```

Kan saƙon ma ya sauya, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin mutane da yawa kan saƙo kaɗai suke gani a waya kafin su yanke ko za su buɗe. Wanda ke ɗauke da tsohuwar ranar Talata a kansa yana buƙatar ya ga kalmar sabuwar rana tun daga waje. A cikin jikin saƙon an ɗauki agogo ɗaya a matsayin uwa, shi ne na Kano, an sa tazararsa da UTC, sauran kuma an jera su da sunan gari. Idan wani ya ga saɓani, ya san wanne ne asali. Lissafin garuruwan an yi shi ne bisa ranar taron, ba ranar rubutu ba. Wanda ya duba agogon Landan a wayarsa ranar 28 ga Maris zai ga yana bayan Kano da sa'a ɗaya, ya rubuta 14:00, ya sake jefa mutum cikin ruɗani da kyakkyawar niyya.

Lokutan da suka fi haɗari a shekara su ne makonnin da Amurka da Turai ba su sauya tare ba. A 2025 daga 9 zuwa 30 ga Maris Amurka ta riga ta tura agogo, Birtaniya ba ta tura ba, sai tazarar Landan da New York ta zama huɗu maimakon biyar da aka saba. Haka ya sake faruwa na mako ɗaya daga 26 ga Oktoba zuwa 2 ga Nuwamba. Mai shirya taro daga Najeriya ko Nijar shi agogonsa ba ya motsi, kuma wannan ne ke sa shi mantawa cewa na wasu yana motsi.

Yawancin wannan lissafi manhajojin kalanda kamar Outlook da Google Calendar suna iya ɗauke wa mutum shi. Idan aka aika gayyata ta kalanda maimakon rubutu kawai, saƙon yana tafiya da ɗan fayil mai ƙarshen `.ics`, wanda a cikinsa lokacin farawa yake a rubuce tare da shiyyar agogonsa, ko kuma kai tsaye da UTC:

```
DTSTART;TZID=Africa/Lagos:20250403T150000
DTSTART:20250403T140000Z
```

Layukan biyu lokaci ɗaya suke nufi, ɗaya daga ciki ake sawa. Harafin `Z` a ƙarshen na biyu alama ce ta UTC. Na'urar kowane mahalarci tana karanta wannan ta mayar da shi agogon garinsa, tare da la'akari da sauyin bazara, sai ta Accra ta ga 14:00, ta New York ta ga 10:00, ba tare da kowa ya ƙirga da yatsa ba.

Amma kalanda tana da iyakarta, kuma iyakar tana farawa ne daga na'urar mai aikawa. Kwamfutocin hannu da ake sayowa kwance daga waje sukan zo da shiyyar agogon ƙasar da suka fito. Sai sabon mai ita ya ga agogo ba daidai ba, ya gyara sa'ar da hannu, ya bar shiyyar yadda take. A fuskar allo komai lafiya, agogo yana nuna uku idan uku ta yi. A ciki kuwa na'urar tana ganin uku ce ta California ko ta Berlin, kuma manhajar da ke ɗaukar shiyya daga na'urar haka za ta aika wa kowa. Alamar wannan cuta ita ce mutum ya riƙa ganin lokacin isowar saƙonnin wasu ya kauce da sa'o'i, ko abokin aiki da ke teburi na kusa ya buɗe gayyatar ya ga wata sa'a daban. Gyaran shi ne a shiga saitin kwanan wata da lokaci a zaɓi shiyyar da ta dace, wadda a Windows take da suna `(UTC+01:00) West Central Africa`, sannan a bar na'urar ta saita sa'ar da kanta. Ita ma manhajar kalandar tana iya samun nata saitin shiyya daban, sai an duba shi.

Taron da ake maimaitawa duk mako shi ma yana da nasa tarko. Kalanda tana ɗaure shi ne da agogon wanda ya ƙirƙira shi. Idan na Kano ne ya sa shi uku na rana kowace Alhamis, a Kano ba zai taɓa gusawa ba, amma ta New York za ta ga ya tashi daga tara zuwa goma a watan Maris, ya dawo tara a Nuwamba. Idan ita ce ta ƙirƙira shi da tara na safe, to ita ce ba za ta ga sauyi ba, na Kano ne zai tarar taron uku ya koma biyu na rana, lokacin da masallatai da yawa ke sallar Azahar. Babu saitin da zai hana wani ya gusa. Abin da ake iyawa shi ne a yanke tun farko agogon wane gari ne uwa, a faɗa wa kowa.

Sannan kalanda ba ta karanta nahawu. Tana iya sa taron a gurbinsa daidai, jikin saƙon kuma yana cewa an riga an yi, kuma idan rubutu da kalanda suka saɓa, mutane ba sa haɗuwa kan wanda za su bi. Don haka kafin a danna aikawa, akwai dubawa guda da ba ta ɗaukar minti biyu: a bi aikatau ɗin saƙon ɗaya bayan ɗaya, a tambayi kowanne ko abin da yake faɗa ya riga ya faru ko bai faru ba. A saƙon da aka gyara a sama, ɗage taron ne kaɗai ya riga ya faru, shi ya sa `moved` ce kaɗai ta zauna a shuɗaɗɗen lokaci. Taron da hutun da aika adireshin shiga da halartar mutane duk suna gaba, kuma duk huɗun sun ɗauki `will`.